Yadda Ake Karɓo Kuɗin Koshan Daga Hannun Mai Gida Bayan Ka Tashi Daga Gidan Haya

Kuɗin koshan shi ne abin da ɗan haya yake ajiyewa a hannun mai gida ranar shiga, bayan kuɗin haya da la'adar dillali da kuɗin rubuta yarjejeniya. La'ada da kuɗin yarjejeniya sun tafi ke nan, ba su dawowa. Koshan kuwa ajiya ce. Kuɗinka ne, an riƙe shi ne don idan ka ɓata wani abu a gidan ko ka bar bashi a cire daga ciki, sauran a miƙo maka. A Kano, Kaduna da Abuja masu filat da gidajen rukuni da dama suna karɓarsa, kuma da yawansu sun saba ba a dawowa nemansa. Shi ya sa in ka nema sai a miƙo maka doguwar takardar gyare-gyare da ta cinye kuɗin kaf, wani lokaci har a ce kai ake bi.

Aikinka a nan shi ne ka hana a yi maganar kuɗin a dunƙule. Kowane abu da aka ce an cire, a ɗauke shi shi kaɗai, a nuna ɓarnar, a nuna kai ka yi ta, a nuna abin da aka kashe.

Kayan da za ka tanada

Rasit ɗin koshan, ko shaidar banki ta ranar da ka tura kuɗin. Yarjejeniyar haya mai sa hannun ku biyu. Hotuna ko bidiyon gidan na ranar da ka shiga, da na ranar da ka fita. Rasit ɗin hayar shekarar ƙarshe, da na kuɗin shara, gadi ko ruwa idan kuna biya. Lambar mitar wuta da rasit ɗin katin da ka saya na ƙarshe. Saƙonnin waya da ka taɓa tura wa mai gida ko mai kula da gida kana kai kukan yoyo, danshi ko famfon da ya lalace. Sai mutum ɗaya baligi mai hankali wanda ba ɗan gidanka ba, da zai tsaya maka shaida.

Ba kowa ne yake da waɗannan duka ba. Idan rasit ya ɓata, je bankinka ka nemi takardar bayanin asusu ta watan da ka biya. Idan a hannu ka ba da kuɗin kuma ba a rubuta maka komai ba, tura wa mai gida saƙo a rubuce cikin ladabi, ka ce kana tuni game da koshan na naira kaza da ka ajiye lokacin shiga. Ko da amsarsa ita ce "sai an duba gidan tukuna", ya amsa cewa kuɗin yana hannunsa, kuma wannan saƙon ya zama shaidarka. Idan ba ka ɗauki hoton gidan ranar shiga ba, bincika hotunan suna, salla ko na yara da aka ɗauka a falo a watannin farko. Bango da tayil da ƙofa sukan fito a bayan mutane, wayar kuma tana riƙe da kwanan watan.

Mataki na 1: Karanta yarjejeniyar kafin ka buɗe baki

Nemo wurin da aka yi maganar koshan, ka ga abu uku: nawa aka rubuta, me aka ce za a iya cirewa daga ciki, da yaushe aka ce za a mayar. Sannan nemo wurin da aka yi maganar fenti. Wasu yarjejeniyoyin sun faɗa ƙarara cewa ɗan haya zai yi wa cikin gida fenti kafin ya fita. Idan ka sa hannu a kan haka, to ya hau kanka, abin da ya rage maka shi ne jayayya a kan farashi. Idan kuwa abin da aka rubuta shi ne ka mayar da gida yadda ka same shi ban da tsufan da zama yake kawowa, ko ba a ce komai ba, to fentin gida gaba ɗaya ba naka ba ne.

Duba kuma sunan wanda ya karɓi kuɗin. Sau da yawa dillali ne ya karɓa ya yanka rasit, mai gida kuma ya ce shi bai ga ko sisi ba. In haka ta faru kada ka yarda su riƙa yi maka ƙwallo a tsakaninsu. Duk takardar da za ka rubuta, rubuta wa su biyun, kowa ya san ɗayan ya samu kwafi.

Mataki na 2: Ka san mene ne ɓarna, mene ne tsufa

Duk rigimar koshan a nan take. Gida yana tsufa ko da ba kowa a ciki, ballantana ana kwana ana tashi. Fenti ya dushe, ragar sauro ta ruɓe saboda rana, robar famfo ta cinye har yana ɗiga, hannun ƙofa ya saki, tayil ya rage sheƙi a inda ake yawan takawa: wannan duka tsufa ne, kuɗin hayar da ka biya shi ne ladansa. Haka nan abin da ya fito daga ginin kansa: silin da ya yi taswira saboda yoyon kwano, bangon da danshi ya ci daga ƙasa har fenti yana ɓarewa, tsagewar gini, gara da ta ci katakon rufi.

Ɓarna ita ce abin da hannu ya yi ko sakaci ya jawo: gilashin taga da aka fasa, ƙofar da aka ɓalle saboda makulli ya ɓata, bangon da yara suka zane da biro, ramukan da aka huda don rataye talabijin ko na'urar sanyaya ɗaki, kabad ɗin kicin da ya ƙone, masai da aka toshe da tsumma.

Akwai tsaka-tsaki da yake kama mutane. Bututun ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya fara yoyo, wannan tsufa ne. Amma ka gani ka yi shiru wata shida har katakon kabad ya ruɓe, ruɓewar ta zama sakacinka. Idan ka sanar a rubuce aka ƙi zuwa, ta koma kan mai gida. Amfanin tsofaffin saƙonnin nan ke nan.

Wannan rarrabewa ba sabon abu ba ce. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ɗora wa ɗan haya kula da gida amma ta cire tsufan da zama yake kawowa, yawancin yarjejeniyoyin da lauyoyi suke rubutawa a Arewa ma haka suke cewa. A fiƙihun Malikiyya kuma, wanda ya yi hayar abu amintacce ne a kansa, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi ta'adi ko sakaci. Idan maganarku ta kai gaban malami ko dattawan unguwa, wannan hujjar ta fi shiga kunne.

Mataki na 3: Zagayen gida da miƙa makulli

Idan ba ka riga ka fita ba, gyara ƙananan abubuwa da kanka, domin kai za ka samu mai fenti ko mai gyaran famfo da araha fiye da farashin da za a rubuta maka. Cike ramukan ƙusa, sa ƙwan fitilar da ya mutu, kwashe shara, a share a wanke. Sannan ka sa rana da mai gida ko wakilinsa ku zagaya tare, da rana tsaka, gidan babu kaya.

Ɗauki bidiyo guda ba yankewa tun daga ƙofar shiga. Fara da faɗin ranar da kwanan wata da bakinka. A kowane ɗaki nuna bango huɗu, silin, ƙasa, taga da ƙofa. Kunna fitila da fanka, buɗe famfo ruwa ya zuba, ja ruwan masai. Ƙare da fuskar mita, lambarta da abin da ya rage a ciki su fito sarai. Duk abin da wakilin mai gida ya nuna ya ce ɓarna ce, a rubuta a takarda nan take, ku sa hannu ku biyu da shaida, kowa ya ɗauki hoton takardar. Abin da ba ka yarda da shi ba, rubuta "ban yarda ba" a gabansa kafin ka sa hannu.

A takardar nan a rubuta makullai nawa ka miƙa da ranar. Kada ka riƙe makulli da sunan sai an biya ka. Muddin makulli yana hannunka, mai gida zai iya cewa ba ka fita ba, ya lissafa maka kwanakin. A gidan naira 1,200,000 a shekara, kowace rana ta kusa naira 3,300, kwana 10 sun ci kusan 33,000 daga koshan ɗinka a banza.

Idan mai gida ya ƙi zuwa ko ya yi ta ɗaga ranar, yi zagayen da shaidarka, ka tura masa bidiyon a ranar ta WhatsApp, ka kai makullan inda ya saba karɓar haya, wanda ya karɓa ya sa hannu. Idan kuma ka riga ka fita ba ka yi ko ɗaya ba, nemi a buɗe maka gidan tun kafin a fara gyara ko sabon ɗan haya ya shiga. Da zarar mai fenti ya shafa bango, ba kai ba shi, babu mai iya nuna yadda yake a da.

Mataki na 4: Nemi kuɗin, ka nemi lissafi a rubuce

Fara da baki, domin mutunci. Ka je ko ka kira, ka gaishe shi, ka yi godiyar zama, ka ce: "Alhaji, na zo ne a kan ɗan abin da na ajiye lokacin shiga." Amma a ranar ka bi bayan maganar da saƙo a rubuce mai ɗauke da adadin kuɗin, ranar da ka miƙa makulli, da lambar asusunka. Idan yarjejeniya ta sa wa'adi, ambace shi. Idan ba ta sa ba, mako biyu ya isa a duba gida a yi lissafi.

Amsar da aka fi bayarwa ita ce "ai gyara ya cinye". Kada ka yi musu, kada ka ɗaga murya. Ka ce ka ji, a taimaka a rubuto maka abin da aka gyara ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kuɗinsa, da rasit ɗin kaya da lambar mai aikin. A Legas, sashe na 10 na dokar haya ta 2011 ya wajabta wa mai gida ya yanka rasit na daban a kan irin wannan ajiya, ya kuma ba ɗan haya haƙƙin samun bayani a rubuce na yadda aka kashe kuɗin, sai dai dokar ba ta shafi Apapa, Ikoyi, Biktoriya Ailan da unguwar turawa ta Ikeja ba. A sauran wurare hujjarka ita ce yarjejeniyar da kuma hankali: wanda ya taɓa ajiyar wani, shi zai faɗi inda ta shiga.

Wata amsar ita ce "sai sabon ɗan haya ya shigo ya biya". Sau da yawa wannan yana nufin an kashe kuɗin ne tun tuni. Idan mutumin kirki ne kana iya yi masa haƙuri, amma a sa rana takamaimai a rubuce, kada a rataya kuɗinka a wuyan mutumin da ba a san ranar zuwansa ba.

Mataki na 5: Bi lissafin layi-layi

Ga kowane layi yi tambaya huɗu. Abin ya lalace da gaske, ina hotonsa? Lafiyarsa lau lokacin da na shiga? Ɓarna ce ko tsufa? Kuɗin da aka rubuta shi ne kuɗin gyara a kasuwa, an kuma yi aikin ko ƙiyasi ne?

Ga misali. Mutum ya zauna shekara 3 a filat mai ɗaki biyu da falo a Kano, cikin gida mai filat huɗu. Koshan ɗinsa naira 150,000. Bayan ya fita sai aka turo masa wannan:

Fentin gida duka, 85,000
Kwanon wanke hannu na banɗaki, 28,000
Canjin makullan ƙofa uku, 24,000
Bashin wuta, 18,000
Kwashe sokawe, 15,000
Ragar sauro, 12,000

Jimla 182,000. Wato koshan ya ƙare, har ana bin sa 32,000.

Fenti shi ne babba, kuma nan aka fi cusa ƙari. Yarjejeniyarsa ba ta ce ya yi fenti in zai fita ba. Bayan shekara 3 kowane bango zai dushe, mai gida kuma zai yi fenti ko ma wa ya fita, don ya samu sabon ɗan haya da farashi mai kyau. Amma bidiyon fita ya nuna bango ɗaya a ɗakin yara da zanen biro, da ramuka huɗu a falo inda aka rataye talabijin. Waɗannan nasa ne. Sai ya kira mai fenti ya tambaye shi kuɗin cike ramuka da shafa waɗannan bangaye biyu, kaya da aiki, aka ce 12,000. Abin da zai karɓa ke nan. Bangon banɗaki da ya kumbura saboda danshi ba ya ciki, yana da saƙon da ya tura tun shekarar farko yana kai kuka.

Kwanon wanke hannu kuwa a gidansa aka fasa shi, babu amfanin musu. Musun abin da yake a fili yana zubar da ƙimar sauran maganarka. Tambaya ita ce nawa. Da ya nemi rasit sai ga kwano 19,000, aikin mai gyaran famfo 5,000, wato 24,000 ba 28,000 ba. Sannan kwanon da ya fashe ba sabo ba ne, ya same shi da tabo da tsatsa a famfonsa. Bai kamata a karɓi tsoho a hannunsa a sa shi ya biya sabo fil ba. Sai ya ce zai ɗauki kuɗin aiki duka da rabin kuɗin kwano, 14,500. Wannan rabin ba wata doka ce ta yanka shi ba, ciniki ne, ana iya tashi a sama da haka. In aka matsa, nan ne wurin da ya dace ka sassauta.

Makullai: takardar miƙawa ta nuna ya mayar da na ƙofar falo da na kicin cif, na ɗaki ɗaya ne ya ɓata. Canza makullin ƙofar waje bayan ɗan haya ya fita tsaron mai gida ne da sabon mai shiga, ba ɓarna ba ce. Kashi ɗaya cikin uku na 24,000 ya hau kansa, 8,000.

Bashin wuta: mitar gidan ta kati ce, ba ka shan abin da ba ka saya ba. Idan akwai bashi a kan irin wannan mitar, yawanci tsohon bashi ne na lokacin da ake kawo bil, wanda kamfani yake cira kaɗan-kaɗan duk sanda aka sayi kati. Rasit ɗin kati yakan nuna abin da aka cire. Je ofishin kamfanin wuta na yankinka, KEDCO a Kano, Katsina da Jigawa, AEDC a Abuja, da lambar mitar, ka nemi bayanin asusun don a ga lokacin da bashin ya taru. A misalinmu ya girmi shigarsa, don haka babu ko kwabo a kansa. Idan gidanku bil ake kawowa, ko mita ɗaya kuke rabawa, to lissafin ya tsaya a ranar miƙa makulli, kuma kasonka kawai.

Sokawe na filat huɗu ne, kuma yana cikin kuɗin hidimar gida da yake biya kowace shekara, ga rasit. Ba a biyan abu sau biyu. Ragar sauro kuma rana ce ta cinye ta, ta yi fari tana marmashewa a tagogin da suke kallon yamma. Raga da aka yaga da hannu ba haka take ba, yagewar a wuri guda take, sauran jikinta da ƙarfi.

Abin da ya karɓa: 12,000 da 14,500 da 8,000, jimla 34,500. A cire daga 150,000, saura 115,500. Wannan adadin shi zai nema, ba "sauran kuɗina" ba.

Wajen tabbatar da farashi, kada ka tsaya a kan hasashenka. Tambayi masu sayar da kayan gini biyu da mai aiki ɗaya, su rubuta maka ko su turo ta waya. Ka lura kuma da rasit ɗin da aka kawo maka: kwanan watansa ya zo bayan fitarka? Yawan fentin da aka saya ya yi daidai da filat ɗaya, ko na gidan duka ne har da katanga? 

Mataki na 6: Rubuta takardar neman biya

Shafi ɗaya ya isa. Ba zagi, ba tone-tonen abin da ya faru shekara biyu da suka wuce. Ga yadda za ta kasance:

"Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Na ajiye koshan na naira 150,000 ranar kaza, ga kwafin rasit. Na miƙa makullai ranar kaza a gaban shaida. Na ga lissafin da aka turo na naira 182,000. Na yarda a cire 12,000 na gyaran bango biyu, 14,500 na kwanon wanke hannu, da 8,000 na makullin ɗaki ɗaya, jimla 34,500. Ban yarda da sauran ba saboda dalilan da na rubuta a gaban kowanne a takardar da ke haɗe. Ina roƙon a tura mini ragowar naira 115,500 a asusuna mai lamba kaza cikin kwana 14 daga ranar da wannan takarda ta iso. Idan akwai rasit ko hoton da ban gani ba, a turo mini, a shirye nake in duba. Idan wa'adin ya wuce ba mu daidaita ba, zan kai maganar inda za a raba mu. Na gode."

Yi kwafi biyu. Wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan naka. Idan ya ƙi sa hannu, shaidarka ya gani, kai kuma ka tura hoton takardar ta waya a ranar. Idan mai gidan kamfani ne, ko kana ganin maganar za ta kai kotun majistare, a yi ta da Turanci ma. Kada ka goge saƙonnin, kada ka sayar da wayar da suke ciki: Dokar Shaida ta 2011 ta yarda da shaidar da ta fito daga waya da kwamfuta bisa sharuɗɗan sashe na 84, kuma ana iya neman ganin wayar kanta.

Abu biyu da suke ɓata wa mai gaskiya shari'arsa: cire fanka, famfo ko tankin mai gida da sunan fanshe kuɗi, da yaɗa sunansa a kafafen sada zumunta ana kiransa ɓarawo. Na farko yana iya zama ƙarar sata, na biyu ƙarar ɓata suna. Zuwa ofishin 'yan sanda ma ba hanya ba ce. Wannan rigimar kuɗi ce tsakanin mutum biyu, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. Haka nan idan mai gida ya yi maka barazanar zai sa a kama ka a kan 32,000 da ya ce yana bi, dokar nan ta kare ka kai ma.

Mataki na 7: Sulhu, sannan kotu

Kwana 14 sun cika shiru, sai ka nemi wanda mai gidan yake jin nauyinsa: dillalin da ya haɗa ku, limamin masallacinsa, mai unguwa, ko shugaban ƙungiyar mazauna rukunin. Je da takardunka a jere, ka bar lissafin ya yi magana. A Kano hukumar Hisba tana zaman sulhu a kan irin wannan, akwai kuma cibiyar sulhu ta babbar kotun jiha, Abuja da Legas ma suna da irinta. Tun kafin ka zauna ka yanke wa kanka mafi ƙarancin abin da za ka karɓa. A misalinmu, in aka tashi a 105,000 a hannu yau, ya fi 115,500 bayan wata biyu na zirga-zirga. Duk abin da aka amince, a rubuta adadi da ranar biya, kowa ya sa hannu.

Idan sulhu ya ƙi, akwai kotun ƙananan basussuka da take zama a kotunan majistare. Legas ta buɗe tata a 2018, Kano a 2019, dukansu da iyakar naira miliyan 5 a lokacin buɗewa, wasu jihohi da Abuja ma sun bi sahu. An tsara ta ne don mutum ya tsaya wa kansa ba sai da lauya ba, kuma a gama shari'a cikin kwana 60. Je wurin magatakardan kotun da ke yankin da gidan yake ko inda mai gidan yake zaune. Za a fara ba ka fom ɗin neman biya, SCA 1, a kai masa. Ko da ka riga ka rubuta taka takardar, cike wannan ɗin. In bai biya ba sai ka cike fom ɗin ƙara, ka biya kuɗin shigarwa a karɓi rasit, a kai masa sammaci. A jihohin da suke da kotunan shari'ar Musulunci, idan ku biyun Musulmi ne, nan ma ana kai irin wannan ƙara.

Ka sa ran zai shigar da tasa ƙarar a cikin taka, ya ce shi yake bin ka 32,000. Amsarka ita ce takardar layi-layin nan, da bidiyo, da shaidar da ya tsaya ranar miƙa makulli. Yi kwafi uku na komai: na alƙali, na abokin shari'a, da naka. Kafin ka shigar, auna kuɗin mota da ranakun aikin da za ka rasa. A kan 20,000 da wuya ta biya wahalarta, a kan 115,500 tana biya.

Idan an sayar da gidan kana ciki, rubuta wa tsohon mai gida da sabon, ka tambayi wanda koshan yake hannunsa, domin wani lokaci ana miƙa shi tare da gidan, wani lokaci ba a ko ambace shi ba. Idan mai gidan ya rasu, ajiyarka bashi ce a kan dukiyarsa, ana fitar da ita kafin rabon gado, don haka ka sanar da magada ko kotun da take rabon a rubuce tun ba a raba ba.

Mataki na 8: Ranar karɓar kuɗi

Ya fi kyau a turo ta banki. Idan a hannu ne, ƙirga a wurin, a rubuta. Karanta duk takardar da aka miƙo maka kafin ka sa hannu. Idan wani ɓangare aka ba ka, misali 60,000 daga cikin 115,500, kada ka sa hannu a kan takardar da ta ce an sallame ka gaba ɗaya. Rubuta da hannunka: "Na karɓi 60,000, saura 55,500, za a biya ranar kaza." Idan ta banki aka turo, aika saƙo mai wannan lafazin a ranar. In kuma an cika maka duka, nemi mai gida ko wakilinsa ya rubuta a ƙasan takardar cewa shi ma ba ya bin ka haya, wuta, ruwa ko gyara, ya sa hannu da kwanan wata, ka haɗa ta da rasit ɗin koshan ka adana.